Daga ɗaurin rodi zuwa cire katako: yadda ake tsara bincike, shinge da sa hannu kafin zuba dakin

Kankare ba shi da gyara. Bulo in ya karkace a rushe a sake jerawa, fenti in bai yi ba a sake shafawa, amma rodin da aka binne a cikin dakin, wato rufin kankare na bene, ya tafi ke nan, sai dai guduma da kurfi. Shi ya sa ake rubuta takardar tsarin bincike da gwaji tun kafin a kafa katako na farko, wadda injiniyoyi ke kira ITP. Zan bi ta da misali guda daga farko har ƙarshe: dakin ɗin hawa na ɗaya na wani gida, tsawo mita 12, faɗi mita 10, kauri milimita 150, da bim-bim ɗinsa, wato dogayen kankaren da ke kwance kan ginshiƙai suna ɗauke da dakin, da baranda mai fitowa waje ba tare da ginshiƙi ba. Zane ya ce kankare mai ƙarfin 25, wato N/mm² 25 a gwajin kwana 28, rodi Y12 da Y16, wato masu kaurin milimita 12 da 16.

Abin da ake rubutawa a takardar

Takardar tebur ce, kowane layi aiki ɗaya. A kowane layi sai an amsa tambayoyi shida: me za a duba, bisa wane zane ko ƙa'ida, wane adadi ne ya nuna an ci, da wane kayan awo, sau nawa, kuma wa zai sa hannu. Wurin da aka fi yin ha'inci shi ne na uku. In ka ga an rubuta "rodi ya yi kyau" ko "katako daidai", to ba a rubuta komai ba. Layin kirki yana cewa ne: tazarar rodi da katako a ƙasan dakin milimita 25, kada ta gaza 20 a ko'ina, a auna da tef a wuri biyar cikin kowane ɗaki, foman ya fara dubawa, injiniyan mai gini ya sa hannu. Wannan ko injiniya ya tafi hutu wani ya zo, zai iya ɗauka ya yi aiki da shi.

A ƙarshen layi ana sa harafi ɗaya. R na nufin takarda kawai za a duba, kamar sakamakon gwajin rodi. W na nufin wurin shaida: za a sanar da injiniya, in ya zo ya gani, in bai zo a lokacin da aka sa ba aiki ya ci gaba. H kuwa shinge ne. Aiki ya tsaya cak har sai mai ikon ya zo, ya duba, ya sa hannu, ko da kwana uku zai yi bai zo ba. A aikin dakin irin wannan, shinge huɗu sun wadatar: amincewa da kaya da haɗin kankare, rodi da katako bayan an gama su, izinin zuba, da izinin cire tokara. Na ga takardar da aka cika ta da shinge goma sha biyar, sakamakon shi ne ba wanda ya mutunta ko ɗaya, domin ba injiniyan da zai zo sau goma sha biyar a kan dakin ɗaya.

A rubuta kuma tsawon sanarwa, yawanci awa 24, a rubuce ba ta baki ba. Kuma wanda ya yi aikin ba shi zai buɗe shingen ba. Ɗan kwangila ya duba nasa ya sa hannu cewa ya shirya, sannan injiniyan da ke wakiltar mai gini, mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo ya buɗe.

Shinge na farko: kaya

Rodi a kasuwa kala-kala ne, kuma abin da aka sayar maka da sunan sha biyu ba lallai ya cika sha biyu ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne sikeli. Yanke mita ɗaya daidai ka auna nauyinsa. Lissafin shi ne kauri sau kauri a raba da 162, don haka Y12 ya kamata ya ba da kilo 0.888, Y16 kuma kilo 1.58. Ƙa'idar BS 4449 ta yi rangwamen kashi 4.5 cikin ɗari ga irin wannan kauri, ke nan Y12 da ya gaza kilo 0.848 a mayar da shi. Sikeli ba ya faɗin ƙarfi, saboda haka a yanko guntaye daga kowace mota da kowane kauri a kai ɗakin gwaji a ja su, a gwada sakamakon da abin da injiniya ya yi lissafi da shi, 410 ne, 460 ne ko 500. A yi wannan tun rodin na ƙasa. In aka jira har aka ɗaure shi, ba mai zuciyar cewa a kwance.

Siminti a duba lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, kuma buhun da ya yi gudaji masu tauri a ware shi. Yashi a zuba a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye. Laka za ta kwanta a sama a ga kaurinta. Sai haɗi. Kowa ya saba da ɗaya, biyu, huɗu, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, amma wannan haɗin ba ya ba da tabbacin ƙarfin 25. A yi haɗin gwaji da yashin da tsakuwar da za a yi aikin da su, wata guda kafin ranar zuba, a fasa samfurinsa a injin gwaji a gani. Abin da ya fito shi za a rubuta: kwanon sarki nawa na yashi, nawa na tsakuwa, lita nawa na ruwa ga buhu ɗaya.

Katako da tokara

Kafinta na kallon katako a matsayin akwati, injiniya kuwa ya kalle shi a matsayin gini na wucin gadi da zai ɗauki kaya. Kankare kubik mita ɗaya, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, yana da nauyin kusan kilo 2,400, don haka dakin mai kaurin 150 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita. Ƙara leburori da baro da nauyin katakon kansa, ka doshi kilo 550. In gorar tokara tana tsaye kowane santimita 60 ta ɓangarorin biyu, kowace na ɗauke da kusan kilo 200. In kafinta ya ga gora ta yi tsada ya buɗa tazarar zuwa mita 1.2, nauyin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, kusan kilo 800 a kan gora ɗaya.

Saboda haka binciken katako daga ƙasa ake fara shi. Shiga ƙarƙashi ka girgiza tokara ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta motsa ba ta ɗauke da komai, maƙwabtanta ne ke ɗaukar rabonta. Duba ƙafarta: a kan faffaɗan katako take zaune ko a kan ƙasar ciko da za ta lotsa da zarar ruwan kankare ya sauko? Bulo ba matashin tokara ba ne, fashewa yake yi ba sallama. Gorar da aka yi wa ƙari da ƙusa a tsakiya a fitar da ita. Sannan a tabbata an ɗaure su da katakon gicciye ta ɓangarorin biyu, don yawancin katakon da ke rushewa ranar zuba kwantawa gefe yake yi.

A sama kuma a auna lebur na ƙasan dakin a kusurwoyi da tsakiya, a auna faɗi da zurfin kowane bim, a ja igiya a gefuna. Tsaya a ƙasa da rana ka ɗaga kai: duk inda haske ya ratso tsakanin filawud, nan ruwan siminti zai tsiyaye ya bar tsakuwa tsirara. Man katako a shafa shi kafin a shimfiɗa rodi, domin in ya taɓa rodi ya hana kankare kama shi.

Shinge na biyu: rodi

Nan ne ya kamata injiniya ya daɗe. A hau da zane na ƙarshe a hannu, a duba lambar gyaransa, don na sha ganin mai ɗaurin rodi yana aiki da tsohon zanen da aka riga aka canja. A bi bim ɗaya bayan ɗaya ana ƙirga rodin ƙasa da na sama, ana yi wa wanda aka gama alama a zanen. Tazarar rodin dakin kada a auna ta tsakanin biyu kawai. Shimfiɗa tef na mita biyu ka ƙirga: in zane ya ce 200, tazara goma za ka samu. In tara ce, an ci rodi.

Ringi, wato zoben rodin da ke kewaye rodin bim, a kusa da ginshiƙi yakan fi matsuwa fiye da na tsakiyar bim, kuma nan masu ɗauri ke son daidaita su duka don sauƙi. Haɗin rodi da rodi, tsawonsa yana kan zane. Inda aka ce sau hamsin na kauri, Y12 na buƙatar milimita 600, Y16 kuma 800. Wurin haɗin ma abin dubawa ne: rodin ƙasa ba a haɗa shi a tsakiyar bim, na sama ba a haɗa shi a kan ginshiƙi, kuma ba a tara haɗe-haɗe duka a layi ɗaya. Biskit, wato 'yan guntayen kankaren da ke ɗaga rodi daga katako, a zuba su tun mako guda kafin lokaci da kaurin da zane ya ce. Tsakuwa ko guntun katako ba biskit ba ne. Har gefen bim sai an sa, ba ƙasa kaɗai ba.

Sai baranda, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a duk ginin. Abin da ya fito waje ba ginshiƙi, rodin sama ne ke riƙe da shi. A dakin mai kaurin 150, in aka cire tazarar 25 da rabin kaurin rodi, rodin na zaune ne milimita 119 daga ƙasa. In babu kujerun rodi masu ƙarfi a ƙarƙashinsa, leburori suka tattaka shi ya sauka da milimita 50, saura 69. Rodin bai ragu ko ɗaya ba, amma ƙarfin barandar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma ba mai gani sai ranar da tsaga ta bayyana a sama, a jikin bango. Gwajina mai sauƙi ne: in hau kan rodin da takalmina. In ya lotsa bai dawo ba, a ƙara kujeru. Kuma a rubuta a takardar cewa za a shimfiɗa katakon tafiya, sannan mai ɗaurin rodi ɗaya zai tsaya ranar zuba yana ɗaga abin da ya sauka.

Mai wuta da mai famfo su gama nasu kafin wannan binciken. In suka shigo bayan an sa hannu, za su yanke waya su ture rodi don bututu ya wuce, hannun da aka sa ya zama na wani aikin daban. Abin da aka samu ba daidai ba a rubuta shi da lamba da wurinsa, a ɗauki hoto da tef a jiki, a gyara, a dawo a sake dubawa. Ba a buɗe shinge da alkawarin "za mu gyara da safe".

Shinge na uku: izinin zuba

Wata rana na isa wani aiki da hantsi don duba rodi, na tarar injin kwaɓa yana ruri, leburori sun fi talatin, an riga an zuba kusurwa ɗaya. Foman ya tarye ni da fara'a: "Ranka ya daɗe Injiniya, ai mun ga kada rana ta yi, ka sa mana hannu kawai, komai lafiya." Mai gidan na tsaye a gefe ya ce, "Injiniya, na biya kuɗin inji da na yara, a yi haƙuri a duba ana yi." Na hau na tarar bim biyu ba biskit a gefe, rodi manne da katako. Tsayar da aikin ya jawo asarar kuɗin yini da ɓacin rai, kuma kuskuren ba na wannan safiyar ba ne. An ɗauko inji da leburori kafin a sa hannu, sai shingen ya zama rigima tsakanin mutum ɗaya da mutum arba'in. Tun daga nan nake sa wa a rubuta a takardar: binciken rodi da katako ana gama shi kwana ɗaya kafin zuba, kuma ba a kiran inji ko motar kankare sai hannu ya hau takarda.

Izinin zuba takarda ce mai shafi ɗaya da ake cikewa da sassafen ranar. Tana tabbatar da cewa shinge na biyu a buɗe yake, an share cikin bim daga ƙurar katako da guntayen waya da ledar ruwa, an jiƙa katako, an kafa alamun kauri. Sannan lissafin yini. Dakin ɗinmu kubik mita 18 ne na kankare, da bim-bim ya kai kamar 23. In haɗin na cin buhu bakwai a kowace mita, buhu 161 ke nan. Inji mai cin buhu ɗaya, in kowane juyi na ɗaukar minti huɗu, zai yi kusan awa goma sha ɗaya ba hutu. Ke nan inji biyu ake buƙata, ko a yarda tun farko da inda za a yanke aikin, injiniya ya nuna wurin a zane. A ƙirga buhunan da ido, a ga ruwa ya isa, a ga baibireta biyu, wato injin girgiza kankare, kowace ta tashi, a ga fitila da man janareta, in damina ce a ga leda ta rufi.

Ana cikin zuba

Wannan wurin shaida ne, amma shaidar da ba ta barin wurin. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin inji, aikinsa ƙirga kwano da tsare ruwa. In haɗin ya ce ruwa rabin nauyin siminti, buhu mai kilo 50 na cin lita 25, jarka ɗaya ke nan, har a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori na son kankare mai ruwa don ya fi sauƙin shimfiɗawa, kuma duk bokitin da aka ƙara daga ƙarfin ginin aka cire shi.

Gwajin laushi da mazurari ake yi, mai tsayin milimita 300. A cika shi hawa uku, kowane hawa a soka sandar ƙarfe sau 25, a shafe baki, a ɗaga a hankali, a auna yadda kankaren ya zauna. In an tsayar da 75 da rangwamen 25, abin da ya faɗa tsakanin 50 da 100 ya wuce. A yi a juyin farko, a maimaita duk lokacin ɗaukar samfur da duk lokacin da ido ya ga canji. Baibireta a soka ta a tsaye, daƙiƙa biyar zuwa sha biyar, har kumfa ta daina fitowa, a zare a hankali. Ba a jan kankare da ita. Kafinta ɗaya ya tsaya a gefe yana kallon tokara, in ya ce a tsaya kowa ya tsaya.

A bazara zafin kankaren kansa abin aunawa ne, ƙa'idoji da yawa na tsayar da shi a digiri 30 zuwa 32, shi ya sa ake farawa da asuba. A hunturu kuwa iska ce matsalar: tana shanye ruwan sama tun kankaren bai kama ba, sai ka ga ƙananan tsaga a jere kafin la'asar. Maganinta a rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu da zarar an shafe, ba a jira gobe ba. Ban ruwa kwana bakwai ne aƙalla, a rubuta sunan mai yi.

Samfurin gwajin ƙarfi ana zuba shi a akwatunan ƙarfe masu milimita 150 kowane gefe. Ga wannan dakin ina ɗaukar samfur huɗu a lokuta daban, kowane dunƙule uku: ɗaya na kwana 7, biyu na kwana 28. A ɗebo daga kankaren da ake zubawa, ba daga wani juyi na musamman da mai inji ya ƙara wa siminti ba. Hawa uku, kowane a daka sau 35, a rubuta rana da wurin da kankaren ya shiga, a ajiye a inuwa, washegari a kwance a tsoma a ruwa.

Karanta sakamako, da shinge na huɗu

Fuskar dunƙulen milimita 22,500 ce murabba'i, don haka in injin gwaji ya nuna nauyin da ya fasa shi a kN sai a raba da 22.5 a samu ƙarfinsa. A kwana 7 in ya fashe a 380, ƙarfinsa 16.9 ne, kusan kashi biyu cikin uku na 25, wanda shi ake tsammani. A kwana 28 a ce samfuran huɗu sun ba da 590, 610, 575 da 600. Wato 26.2, 27.1, 25.6 da 26.7. Ɗan kwangila zai yi murna, duk sun haura 25. Amma in kwangilar na bin BS 5328, sharaɗi biyu ne: kada ko ɗaya ya gaza 22, kuma matsakaicin huɗu a jere ya kai 28. Matsakaicin nan 26.4 ne, bai kai ba. Shi ya sa dole a rubuta ma'aunin ci a takardar tun farko, kowa ya sa hannu a kai, kada a zo ana gardama bayan an fasa.

Faɗuwa irin wannan ba ta nufin a rushe. Ana buɗe takardar saɓa ƙa'ida, a tsayar da ɗora kaya a kan dakin, a mayar wa injiniyan da ya yi lissafin ginin. Zai iya cewa a buga gudumar gwaji don gano wurin da ya fi rauni, a huda a ciro kankare daga jikin ginin a fasa, sannan ya sake lissafi da ƙarfin da aka samu. Shi ke da ikon cewa a karɓa, a ƙarfafa, ko a rushe, kuma a rubuce.

Cire katako kuwa, BS 8110 ta ba da mafi ƙarancin lokaci a yanayin ɗumi ga siminti na yau da kullum: gefuna awa 12, tokarar dakin kwana 10, tokarar bim kwana 14. A wuraren aikinmu an saba da kwana 21, kuma ban ga dalilin gaggawa ba, musamman in siminti 32.5 ne. Hannun shinge na huɗu yana hawa ne bayan an ga sakamakon kwana 7 kuma kwanakin sun cika. A cire daga tsakiyar ɗaki zuwa gefuna, baranda kuma daga bakinta zuwa ciki, ita ce ta ƙarshe. In za a zuba wani dakin a sama, tokarar ƙasa ta zauna ko a mayar da ita. Da an cire, injiniya ya zagaya ya duba ƙasan bim kafin magini ya taɓa. Inda tsakuwa ta fito kamar saƙar zuma a yi mata alama, a ƙwanƙwasa a ga zurfinta, a rubuta yadda za a gyara, domin in aka ba magini rabin yini zai shafe ta da filasta. Sai a haɗa takardun wannan zubin wuri ɗaya, na rodi, na izini, na laushi, na dunƙule da hotuna, a ba su lamba ɗaya da ke kan zane, kwafi ga mai gini, kwafi ga ɗan kwangila.